Taswirar jarrabawa: yadda ake raba maki 20 tsakanin darussa da zurfin tunani

A ƙarshen kowane zangon karatu, idan takardun sakamako suka isa gida, iyaye a Maradi sukan yi tambayoyi iri ɗaya. Yaron da littafinsa yake cike da aiki mai kyau tun watan Oktoba ya dawo da maki 8 cikin 20, wanda kuma bai fi shi ƙoƙari ba ya samu 15. Ajujuwa biyu a makaranta guda, masu karatu iri ɗaya, wannan ya ci da yawa, wancan ya faɗi da yawa. Akan ɗora laifin a kan yaro ko a kan malami, amma sau da yawa matsalar tana cikin takardar tambayoyin ce. Ba a auna rabon darussa ba kafin a rubuta ta.

Akwai hanyar da masana awon ilimi suka daɗe suna amfani da ita don magance wannan. Ita ce taswirar jarrabawa.

## Mece ce taswirar jarrabawa?

Jadawali ne da malami yake zanawa kafin ya rubuta ko tambaya ɗaya. A gefen jadawalin, daga sama zuwa ƙasa, yana jera darussan da aka koyar a zangon. A samansa kuma yana jera irin tunanin da ake so yaro ya nuna: ko tuna abin da aka faɗa masa, ko aiki da ƙa'idar da ya koya, ko warware matsalar da bai taɓa gani ba. Inda layin darasi ya haɗu da layin tunani akwai gida, kuma a kowane gida ana rubuta yawan makin da za a ba shi. Sai an cika gidajen nan, jimillarsu ta kai makin takardar, sannan a fara neman tambayoyi.

Dalilin yin haka shi ne jarrabawa ba ta iya tambayar komai. Abin da aka koyar cikin wata uku ba ya shiga takardar awa ɗaya, sai dai a ɗebi kaɗan a yi wa sauran hukunci da shi. Mai sayen buhun gero a kasuwa ya san cewa idan daga bakin buhu kaɗai ya ɗiba, bai san abin da ke ƙasa ba. Haka malamin da ya ɗebo tambayoyinsa daga darussan makonni biyu na ƙarshe: makin da ya bayar yana faɗin abin da yaro ya sani a Disamba, ba abin da ya koya a zangon duka ba.

## Inda tsarin ya samo asali

Ralph Tyler, wani masanin ilimi na Amurka, ya ba da shawara a 1949 cewa a riƙa rubuta manufar koyarwa ta fuska biyu: abin da za a koya, da abin da ɗalibi zai iya yi da shi. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka kasa fuska ta biyun zuwa matakai shida, daga sanin abu kawai, zuwa fahimtarsa, aiki da shi, rarrabe sassansa, haɗa sabon abu daga sassa, har zuwa yanke hukunci a kan ingancinsa. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci yi wa matakan gyara, suka mayar da ƙirƙira matakin ƙoli.

Matakai shidan suna da amfani a wajen horar da malamai. A takardar maki 20 kuwa sun yi yawa. Darussa huɗu da matakai shida gidaje 24 ke nan, sun fi makin da za a raba. Ƙari a kan haka, malamai biyu masu ƙwarewa sukan saɓa a kan ko tambaya ta fahimta ce ko ta aiki. Shi ya sa a aikace akan dunƙule su zuwa uku: tunawa, aiki da ƙa'ida, da warware sabuwar matsala. Da waɗannan ukun za a yi misalin da ke tafe.

## Misali: lissafi a aji na shida na firamare

A ɗauka wani malami ne a wata makaranta a Maradi, yana shirya jarrabawar lissafi ta zangon farko, maki 20, lokaci awa ɗaya. Alƙaluman nan na misali ne, kowane malami zai sa nasa.

Abu na farko shi ne ya buɗe littafin da yake rubuta darussan da ya yi, ya ƙirga awannin da ya ɓata a kan kowane darasi. Abin da aka yi a aji ake ƙirgawa, ba abin da aka yi niyya ba. Idan littafin nasa bai cika ba, littattafan rubutu na yara biyu ko uku masu zuwa kullum za su nuna masa, tun da akwai kwanan wata a kan kowane aiki. A ce ya samu awa 50: ninkawa da rabawa awa 18, awon tsawo da nauyi da ruwa awa 9, kewaye da faɗin fili, wato girman shimfiɗarsa, awa 12, saye da sayarwa awa 11.

Daga nan sai rabon maki. Awa 18 cikin 50 kashi 36 ne cikin ɗari, wanda a maki 20 ya ba da 7.2. Awo ya ba da 3.6, kewaye da faɗi 4.8, saye da sayarwa 4.4. Ba a tambayar da za ta ɗauki maki 7.2, don haka sai a daidaita zuwa 7, 4, 5 da 4. A nan jimillar ta faɗa daidai a kan 20. Wani lokaci takan ba da 19 ko 21, sai malami ya ƙara ko ya rage maki ɗaya, kuma ya fi kyau ya ƙara wa darasin da karatun gaba zai dogara a kansa.

Rabon matakan tunani ba ya fitowa daga lissafi irin wannan. Hukunci ne na malami, bisa shekarun yara da abin da aka saba yi da su a aji. A wannan misali ya zaɓi maki 5 ga tunawa, 10 ga aiki da ƙa'ida, 5 ga sabuwar matsala. Ga yadda ya cika gidajen:

| Darasi | Tunawa | Aiki da ƙa'ida | Sabuwar matsala | Jimilla |
|---|---|---|---|---|
| Ninkawa da rabawa | 1 | 4 | 2 | 7 |
| Awo | 2 | 2 | 0 | 4 |
| Kewaye da faɗin fili | 1 | 2 | 2 | 5 |
| Saye da sayarwa | 1 | 2 | 1 | 4 |
| Jimilla | 5 | 10 | 5 | 20 |

Mai duba jadawalin zai ga ba kowane layi aka raba iri ɗaya ba, kuma da gangan ne. Awo darasi ne mai abubuwan haddacewa da yawa, mita nawa ne a kilomita, giram nawa ne a kilo, shi ya sa ya samu maki 2 a tunawa, gidansa na ƙarshe kuma aka bar shi babu komai. Ninkawa da rabawa kuwa aikin hannu ne, sai aka tara makinsa a tsakiya. Gida ɗaya ko biyu su zama fanko ba laifi ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne layi guda ya zama fanko gaba ɗaya, ko na darasi ko na tunani.

Don a ga bambancin da wannan yake kawowa, a kwatanta da takardar da aka rubuta daren jarrabawa ba tare da taswira ba. Saye da sayarwa shi aka koyar a ƙarshe, yana sabo a kan malami, sai ya samu maki 9. Ninkawa da rabawa ya samu 8 saboda tambayoyinsa suna da sauƙin rubutawa, awo 3, kewaye da faɗi kuma bai samu ko ɗaya ba, domin zane a allo yana cin lokaci. Yarinyar da ta iya komai amma zazzaɓi ya kwantar da ita a makonnin da aka yi saye da sayarwa, iyakarta a wannan takarda 11, alhali a takardar da aka auna tana iya kai wa 16. Yaron da bai san komai a kan kewaye da faɗi ba, wato kusan rubu'in aikin zangon, yana iya samun 20 cif. Ilimin yaran bai canza ba, takardar ce ta canza.

## Daga gida zuwa tambaya

A nan aikin ya fi wuya, kuma a nan taswirori da yawa suke lalacewa. Ana iya zana jadawali mai kyau, sannan a rubuta tambayoyin da duk na tunawa ne, an sa musu rigar tunani kawai.

A ɗauki layin kewaye da faɗin fili. Gidan tunawa maki 1 ne: yaro ya rubuta ƙa'idar neman kewayen fili mai kusurwa huɗu. Gidan aiki maki 2 ne: ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, a nemi girman daɓensa, amsa murabba'in mita 24. An gaya wa yaro abin da zai nema, an ba shi alƙaluman da yake buƙata, nasa shi ne ya zaɓi ƙa'idar ya yi aiki da ita daidai.

Gidan sabuwar matsala dabam yake. Ga tambayar: mai lambu yana da fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 25. Yana so ya kewaye shi da waya zagaye uku, ya bar ƙofa mai faɗin mita 2. Ana sayar da wayar a naɗe, kowane naɗi mita 100. Naɗi nawa zai saya? Babu inda aka ce wa yaro ya nemi kewaye. Shi zai gane cewa daga nan ake farawa, ya samu mita 130, ya cire ƙofa ya rage 128, ya ninka sau uku ya samu 384. Sannan ya lura cewa ba a sayar da guntun naɗi, amsar ita ce 4. Yaron da ya rubuta 3.84 ya iya rabawa, amma bai kai ga gane abin da mai lambu zai yi a kasuwa ba.

Wannan tambaya ta taɓa darussa biyu, kuma taswira ba ta hana haka. Sai a ba ta maki 4, a rubuta a gefe cewa biyun farko na gidan kewaye ne, biyun ƙarshe na gidan ninkawa da rabawa. Tambaya ɗaya ta cika gidaje biyu. Amma wajen gyara akwai sharaɗi. Idan yaro ya yi kuskure a matakin farko, ya samu 120 maimakon 130, sannan ya bi sauran matakan daidai da wannan lambar tasa, maki ɗaya kawai zai rasa. Idan aka ba shi sifili a duka huɗun, an hukunta shi a ninkawa saboda kuskuren da ya yi a kewaye, kuma rabon da aka yi a jadawali ya rushe ke nan. Don haka ake rubuta rabon makin kowane mataki tare da tambayar, tun kafin a ga takardun yara.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne matakin tambaya ba a jikin kalmominta yake ba, yana ga abin da aka riga aka yi a aji. Idan malami ya warware tambayar mai lambun nan a allo mako biyu kafin jarrabawa, yara suka kwafa, to a ranar jarrabawa ta koma tambayar tunawa, ko da an canza 40 zuwa 50. Kafin tambaya ta shiga gidan ƙarshe, dole ya zama akwai wani abu a cikinta da yaro zai yanke wa kansa, kamar ƙofar da za a cire ko naɗin da ba a gutsurawa. Kuma dole ya zama duk kayan aikin da ake buƙata an koyar da su. Sabuwar matsala ba ta nufin sabon darasi.

Haka nan wahala da zurfin tunani ba abu ɗaya ba ne. Ninka 348 da 26 yana da tsawo, yara da yawa za su yi kuskure kafin su kai 9,048, amma aiki da ƙa'ida ne kawai. Tambaya mai sauƙin lambobi tana iya neman tunani fiye da ita. A layin saye da sayarwa, a ce wata mata ta sayi tiya 12 ta wake a kan sefa 900 kowace, ta sayar a kan 1,100. Neman ribarta, wato 2,400, aiki da ƙa'ida ne. Idan aka ƙara da cewa ta biya mai amalanke 600, aka tambayi abin da ya rage mata, lissafin cirewa ne mai sauƙi, amma yaro ne zai gane cewa kuɗin dako yana cin riba, ya samu 1,800.

## Abubuwan da jadawali ba ya gani

Akwai rashin adalcin da yake shigowa ta bayan taswira. Na farko harshe ne. A yawancin makarantun gwamnati da Faransanci ake rubuta jarrabawar, yaran kuma da Hausa suke tunani a gida da kasuwa. Tambayar sabuwar matsala ita ce mai dogon bayani, saboda haka ita ta fi fuskantar haɗarin zama gwajin karatu maimakon gwajin lissafi. Maganin shi ne gajerun jimloli, kalmomin da aka saba ji a aji, da zane idan zai taimaka. Idan akwai kalma ɗaya da rashin saninta zai hana yaro farawa, kuma ba kalmar lissafi ba ce, a canza ta.

Kuɗi ma yana da nasa tarko a nan. Yaron Maradi da yake taya uwarsa talla da dala yake ƙirga: abin da takarda ta kira sefa 900, shi dala 180 ya sani. Yana iya fin kowa saurin neman riba a ka, amma ya rubuta amsar a dala. Malamin da ya san haka zai bayyana a tambayar cewa a sefa ake son amsa, kuma idan ya ga 480 a wurin 2,400 zai gane daga inda ta fito.

Sai lokaci. Daga awa ɗaya, idan aka ware minti 5 na karanta takarda da minti 5 na dubawa, saura minti 50 ga maki 20, wato minti biyu da rabi ga kowane maki. Tambayoyin tunawa ba sa cin haka, na ƙarshe kuma suna cin fiye. Malamai da yawa sukan amsa takardar da kansu, a rubuce, su ninka lokacin da suka ɗauka sau uku ko huɗu. Idan ya zarce awa, takardar ta yi tsawo. Wannan yana da muhimmanci ga taswira domin tambayoyin tunani su ake ajiyewa a ƙarshe, idan lokaci ya ƙure su ne ba a taɓawa, sai jarrabawar ta koma ta maki 15 ba tare da kowa ya yi niyya ba.

## Inda malamai suka saɓa

Saɓani na farko a kan ma'aunin rabo ne. Wasu suna ganin awannin koyarwa su ne ma'auni mafi adalci, domin ana iya ƙirga su, kuma kowa zai iya dubawa. Wasu suna cewa awanni suna ruɗi: darasi yakan ci lokaci saboda yara sun sha wahala a kansa, ba don ya fi sauran muhimmanci ba, kuma darasin awa uku yana iya zama ginshiƙin karatun shekara mai zuwa. Duka biyun suna da hujja. Abin da ya fi tsayuwa shi ne a fara da awanni, sannan a yarda a matsar da maki ɗaya ko biyu saboda muhimmanci, a rubuta dalilin a ƙasan jadawalin.

Na biyu ya fi zafi, kuma ya shafi jihar Maradi. Ba dukkan ajujuwa ke fara karatu lokaci guda ba. A ƙauyuka yara da yawa ba sa dawowa sosai sai an gama girbi, ajin zana kuma sai damina ta wuce an samu kara ake kafa shi. Idan aka ce makarantu da dama, ko ajujuwa biyu na makaranta guda, su yi takarda ɗaya, a kan me za a gina taswirar? Masu cewa a bi manhajar hukuma suna da dalili: jarrabawar ƙasa ba za ta tambayi inda kowane malami ya tsaya ba, kuma idan kowa ya auna abin da ya koyar kaɗai, ba za a taɓa gane ajin da aka bari a baya ba. Masu cewa a bi abin da aka koyar su ma suna da nasu: makin yana shiga takardar sakamakon yaro ne, ba ta malami ba, kuma ba daidai ba ne a kayar da yaro a kan darasin da bai taɓa ji ba.

A ce a misalinmu akwai aji na biyu, inda malamar ta yi awa 4 kawai a kan kewaye, ba ta kai ga faɗin fili ba. Hanya ɗaya ita ce malaman biyu su zauna da littattafansu, su gina makin sakamako a kan abin da ajujuwan biyu suka yi, darasin da aji ɗaya bai kai ba kuma a rubuta shi a fili a kai wa darakta don a san za a rama shi. Ta haka ba a ɓoye giɓin ba, kuma ba yaro ne ya biya shi ba. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan aka yi zaman tun da sauran makonni, ba ana gobe jarrabawa ba.

Akwai kuma masu sukar tsarin daga tushe. Suna ganin yanka ilimi gida-gida yana sa a riƙa tambayoyi ƙanana masu maki ɗaya ɗaya, alhali abin da ake so shi ne yaro ya haɗa abubuwa da yawa ya warware matsala guda ta rayuwa. Sukar tana da gaskiya a kan taswirar da aka bi ido rufe. Amma tambayar mai lambu ta nuna cewa babbar tambaya tana iya zama a cikin jadawali, muddin an san gidajen da take cikawa. Ita ma takardar da aka gina a kan babbar matsala guda tana da nata haɗari: yaron da bai gane labarin ba ya rasa komai.

Ko a nuna wa yara taswirar? Wasu suna tsoron kamar sakin tambayoyi ne. Jadawalin kuwa ba ya ɗauke da tambaya ko ɗaya, rabo kawai yake nunawa. Yaron da ya san kewaye da faɗi suna da maki 5 zai koma ya duba aikin Nuwamba, maimakon ya haddace shafukan ƙarshe na littafinsa. Inda tsoron yake da tushe shi ne gidan da aka bari fanko, domin yara za su tsallake shi. Ana iya nuna musu jimillar kowane darasi da jimillar kowane mataki, a bar cikin gidajen.

## Bayan an gyara takardu

Taswirar tana da aiki na biyu wanda ba ya buƙatar komai sai ƙirga. A aji mai yara 80, malami ya rubuta a kowane gida yawan waɗanda suka ci tambayarsa. Idan layin awo duka ya yi ƙasa, darasin ne bai zauna ba, sai a sake shi. Idan kuma kowane darasi ya yi kyau a tunawa da aiki amma ya faɗi a gidan ƙarshe, ba darasi ɗaya ba ne matsalar, yaran ba su saba da tambayar da ba a gaya musu hanya ba, kuma wannan sai an canza irin aikin da ake ba su a aji.

Wani lokaci tambayar ce da laifi, kuma ana iya ganewa. A ware takardu 20 mafiya maki da 20 mafiya ƙarancin maki. Tambaya mai kyau, na sama sun fi cinta. Idan 15 daga na sama suka ci, 5 daga na ƙasa, tana aikinta. Idan na sama 4 ne suka ci, na ƙasa 6, akwai abin dubawa: ko lafazinta yana ɗaukar ma'ana biyu, ko an yi kuskure wajen kwafa ta a allo, ko amsar da malami ya riƙe ce ba daidai ba. Irin wannan tambaya ana iya cire ta, a mayar da makin a kan 20.

Sai dai a san iyakar abin. Takarda mai maki 20 ɗiba ce kaɗan. Maki ɗaya a gidan tunawa na saye da sayarwa ba ya isa a ce wannan yaro ya san darasin ko bai sani ba. Ƙirgar gidaje tana faɗin gaskiya a kan aji gaba ɗaya fiye da yadda take faɗa a kan yaro guda, kuma bambancin maki 9 da 10 yana iya zama tambaya ɗaya da aka yi sa'a ko aka rasa.

## Abin da ya shafi iyaye da yara

Makin ƙarshen zango yana shiga lissafin da ake dubawa wajen wucewa aji ko maimaitawa. A gidan da ake auna ko yaro ya ci gaba da makaranta ko ya koma gona ko kasuwa, ko yarinya ta zauna a gida, lambar da ke kan takardar sakamako takan shiga cikin shawarar. Idan lambar ta fito daga takardar da ta tsallake rubu'in karatun zango, an yanke shawara a kan labarin da bai cika ba.

Uba ko uwa ba sa buƙatar iya zana jadawali kafin su bincika. Ya isa a ɗauki littafin yaro a ajiye kusa da takardar jarrabawa, a duba ko kowane babban darasi ya fito, a kuma tambayi malam a wane darasi yaron ya rasa makinsa. Malamin da ya yi taswira zai iya amsawa nan take, ya ce awo ne, ko ya ce ya iya ƙa'idoji amma tambayar labari ce take kayar da shi. Ga darakta ko mai sa ido a kan malamai, neman jadawalin tare da takardar tambayoyi kafin jarrabawa ya fi sauƙin dubawa, domin cikin mintuna kaɗan za a ga ko lambar kowace tambaya tana da gidanta.

Ga malami, nauyin yana karon farko ne, wajen ƙirga awanni da neman tambayoyin gidan ƙarshe. A zango na biyu jadawalin yana nan, sai a canza darussa. Abin da za a yanke sabo shi ne ko za a ware wasu maki ga karatun zangon farko. Idan ƙirgar Disamba ta nuna awo bai zauna ba, kuma an sake koyar da shi a Janairu, awannin maimaitawar suna shiga lissafi kamar na kowane darasi, awo ya samu layinsa a sabuwar taswirar.